Tun da aka mayar da agogo baya a Ingila, tunatarwar wayata ta rikice

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san kan waya ya fitar da ni daga duhu. Tsakiyar Satumba na iso Manchester karatu. Tun ina Kano, kwana biyu kafin in taso, na zauna na shigar da komai a kalandar waya: lakcocin da aka turo mana jadawalinsu, da tunatarwar shan maganin hawan jini ƙarfe 9 na dare kullum. Kiran Hajiya kuwa alam na sa masa, ƙarfe 8 na dare, don a lokacin ta idar da Isha'i ta ci tuwo, kafin tara kuma ta kwanta. Sati shida komai lafiya lau. Shekaranjiya Lahadi aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai abubuwa suka dagule. Da dare tunatarwar magani ta buga ƙarfe 8 maimakon 9, lokaci guda da alam ɗin kira. Na kira gida, ƙanwata ta ɗauka ta ce Hajiya ta gaji da jira ta shiga ɗaki. Jiya Litinin kuma kalanda ta ce min lakca ƙarfe 9, na fito a guje cikin sanyin nan, na isa aji babu kowa sai mai shara. Ashe tana nan ƙarfe 10 yadda take. Agogon fuskar wayar kuma daidai yake da na kowa. To ina matsalar take?

Abban Hanif: Wa alaikumus salam. Ai wannan mai sauƙi ne ƙanena. Shiga Settings, ka nemi Date & time, ka kunna Set time zone automatically. Da ka yi haka komai zai daidaita da kansa.

Ɗan Fagge: Yaya a kunne yake tun ranar da na sauka. Shi ya sa na ce agogon daidai yake.

Ɗan Maraɗi: Ni ban gane ba ma. Wa ya ba su izinin taɓa agogo? Rana ce ta sauya hanya ko me?

Gimbiyar Zazzau: Ɗan Maraɗi, rana tana nan inda take, mutane ne ke wasa da allura. A Birtaniya Lahadin ƙarshe ta Maris ana tura agogo gaba da awa ɗaya, Lahadin ƙarshe ta Oktoba a dawo da shi. Bana, 2025, 26 ga Oktoba ta kama, ƙarfe 2 na dare ya koma ƙarfe 1. Najeriya da Nijar ba sa wannan, duk shekara suna awa ɗaya gaba da GMT. Saboda haka daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Ingila da na gida ɗaya ne sak, sauran watanni biyar ɗin kuma gida na gaba da awa ɗaya. Wannan ne ke yaudarar duk wanda ya zo a Satumba: yana sauka ya ga babu abin da ya sauya, sai ya ɗauka haka abin yake.

Ɗan Fagge, wayarka lafiyarta ƙalau, abin da ka gaya mata ta yi. Shekarata biyar a Leeds kuma aikina ke nan, rubuta manhaja, amma ni ma shekarar farko sai da ya kama ni. Alam da kalanda ba iri ɗaya suke riƙe lokaci ba. Alam bai san gari ba. Ka ce masa ƙarfe 8, to duk lokacin da fuskar waya ta nuna 8 zai buga, ko kana Kano ko kana Tokyo. Kalanda kuwa in ka shigar da abu tana rubuta awa tare da agogon garin da aka shigar da shi a kai. Da ka rubuta lakca ƙarfe 10 kana zaune a Kano, abin da ta ajiye shi ne “ƙarfe 10 agogon Legas, kowace Litinin”. Jiya ƙarfe 10 na Legas ƙarfe 9 ne a Manchester, sai ta fassara maka da gaskiyarta. Haka maganin: 9 na dare a gida, 8 a wurinka.

To ka ga baibai ka sa rigar. Kiran Hajiya, wanda ya kamata ya bi agogon Kano, ka ba alam mai bin agogon inda kake. Lakca, wadda ya kamata ta bi agogon Ingila, ka ɗaure ta da na Legas.

Ɗan Fagge: Innalillahi. Wato ni na ɗaure kaina da hannuna. To Anti yaya zan warware? Sai na goge komai na sake?

Gimbiyar Zazzau: Ba sai ka goge ba. Ka ɗauki kowace tunatarwa ka tambayi kanka, agogon wa take bi? Wanda zai jira ka a ɗaya ɓangaren, agogonsa za ka sa.

Lakca: buɗe ta, danna gyara. In Google Calendar ce, kusa da awa za ka ga wurin agogon gari, yanzu yana nuna West Africa Standard Time. Nemi United Kingdom ka zaɓa, sannan ka sake duba lambar awar da idonka ka tabbata 10:00 ce kafin ka ajiye. Wurin ajiyewa zai tambaye ka ko wannan kaɗai ko duka. Zaɓi All events ko This and following events, in ba haka ba Litinin ɗaya kawai ka gyara, mai zuwa ka sake gaisawa da mai shara. In iPhone ce, ka taɓa lokacin farawa, layin Time Zone zai fito a ƙasa, ka rubuta London. Da ka yi wannan, ranar 29 ga Maris 2026 da za a tura agogo gaba lakcarka za ta zauna a 10 ba tare da ka taɓa komai ba.

Kiran Hajiya: kashe alam ɗin, ka buɗe sabon abu a kalanda, ƙarfe 8 na dare, agogon Lagos, maimaituwa kullum. Yanzu zai riƙa buga maka ƙarfe 7 na yamma, ƙarshen Maris ya koma 8 da kansa, ka je gida hutu ya buga 8. Ita dai Hajiya kullum ƙarfe 8 za ta ji wayarta.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa: sunan gari za ku zaɓa, kada ku bi lambar da ke gefensa. A Satumba Legas da Landan duka GMT+1 suke nunawa, mutum ya ce ai duk ɗaya ne. Lambar ta yau ce kawai, sunan garin shi ke ɗauke da dokar sauyawar.

Kwamfuta Boy: Anti da girmamawa, amma mu a aji an koya mana cewa maganin duk wannan shi ne a ajiye kowane lokaci a UTC, wato agogon duniya da ba ya sauyawa kamar GMT, sai wurin nunawa a juya shi. Da ya yi haka ai da bai sha wahala ba.

Gimbiyar Zazzau: Malaminku bai yi ƙarya ba, amma rabin karatun ya ba ku. UTC daidai ne ga abin da ya riga ya faru, kamar lokacin da aka tura kuɗi ko saƙo. Ga abin da zai riƙa maimaituwa nan gaba bisa agogon bangon wani gari, shi ne ma zai jefa ka rami. Lissafa da kanka: lakcar 10 na safe a Satumba 09:00 UTC ce. Ajiye ta haka, jiya za ta fito ƙarfe 9 a Manchester, daidai abin da ya sami Ɗan Fagge. Agogon Legas ai UTC ne da ƙarin awa ɗaya da ba ya motsi, don haka kusan gwajin shawararka ya yi ba da saninsa ba. In ka buɗe fayil ɗin kalanda mai ƙarewa da .ics za ka ga ana rubuta lokaci iri uku:

```
DTSTART;TZID=Europe/London:20251103T100000
DTSTART:20251103T100000Z
DTSTART:20251103T100000
```

Na farko ɗaure yake da gari, na biyu mai Z a ƙarshe UTC ne, na uku ba shi da ko ɗaya, yana bin mai wayar duk inda ya je, kamar alam. Lakca na farko take so.

Kwamfuta Boy: Na ɗauka. Amma kiran Hajiya UTC zai yi ai.

Gimbiyar Zazzau: Zai yi, muddin Najeriya ba ta taɓa agogonta ba. Sudan ta taɓa nata a Nuwamban 2017, ta dawo da shi baya da awa ɗaya. Turkiyya ta daina sauyawa a 2016. Gwamnati na iya tashi da safe ta sauya, shi ya sa ko a nan na fi son a rubuta Africa/Lagos.

Baba Alhaji: Ku yara kuna wahalar da kanku. Shekara nawa ina zuwa Saudiyya, agogon hannuna ban taɓa juya shi ba, yana kan na gida, na waya kuma na can. In zan kira iyali in dubi hannu. Bai taɓa ruɗa ni ba.

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara girma Baba. Dabara ce mai kyau, sai dai agogon hannu ba ya tashin mutum in ya manta.

Baba Alhaji: Wanda zai manta da kiran mahaifiyarsa sai waya ta tuna masa, ai ba agogo ne matsalarsa ba.

Abban Hanif: Baba ya sauke mana guduma. Amma ni abin da nake yi da na je wata ƙasa, in agogo bai sauya da kansa ba, sai in kashe na atomatik in juya awar da hannu. Minti ɗaya an gama.

Gimbiyar Zazzau: Yaya Abban Hanif don Allah ka daina wannan, ya fi na Ɗan Fagge haɗari. In ka juya awa da hannu ka bar garin a Legas, fuskar waya za ta yi daidai amma cikinta ya karkace. A ce kana Jidda, ka ƙara awa biyu. Waya ta ɗauka a Legas ɗin ne lokaci ya kai haka, wato duk duniya ta matsa gaba da awa biyu. Duk abin da ke kalanda ɗaure da gari zai buga awa biyu kafin lokacinsa, lokutan saƙonni su rikice, manhajar nan mai ba da lamba shida da ke sauyawa duk daƙiƙa talatin ta riƙa ba ka lambar da za a ƙi karɓa, don da ainihin lokaci ake lissafa ta. In na atomatik ya ƙi aiki, garin za ka sauya da hannu, ba awa ba. Yakan ƙi ne in layinka bai kama sabis a can ba kana kan Wi-Fi kaɗai. A iPhone sai ka duba Setting Time Zone a ƙarƙashin Location Services da System Services ko a kunne yake.

Abban Hanif: To fa. Ashe shi ya sa bara a Umara lambar nan ta yi ta ƙi, na yi ta zagin sabis.

Mai Kemis: Ku dakata, kowa ya tafi kan lakca an bar magani, shi ne kuma ya fi damuna. Ɗan Fagge, wane iri kake sha, kuma yaya ka yi daren Lahadi da na jiya?

Ɗan Fagge: Amlodipine ne Malam, ƙwaya ɗaya kullum. Lahadi na sha da ta buga ƙarfe 8. Jiya na ƙi, na jira 9.

Mai Kemis: Abin dariyar shi ne a cikin tunatarwarka uku, ta maganin ce ba ta yi kuskure ba. Jiki bai san an taɓa agogo ba. Daga 9 na daren Asabar zuwa 8 na daren Lahadi awa 24 ne cif, tunda Lahadin awa 25 ce a can. Da ka jira 9 jiya, tazarar ta zama awa 25 sau ɗaya, kuma ga irin naka wannan ba komai ba ne, magani ne da ke daɗewa a jini fiye da kwana guda. Zaɓi awar da ta dace da rayuwarka a can ka tsaya a kai. Abin da nake tsoro daban ne: ka sa sabuwar tunatarwa ta ƙarfe 9 ka manta ba ka goge tsohuwar ba. Wata rana kana cikin karatu ta 8 ta buga ka sha, ta 9 ta buga ka kasa tuna ko ka sha, ka ƙara. Goge tsohuwar tukuna. Ka kuma sayi ɗan akwatin nan mai gida bakwai, ido ya gane ko gidan yau fanko ne.

Amma kada wani ya ɗauki wannan ya shafa wa kowane magani. Mai allurar insulin, mai maganin farfaɗiya, da masu shan irin ƙwayar tazarar haihuwa da ba a so a makara da ita fiye da awa uku, waɗannan tazarar awanni suke bi, ba agogon bango ba.

Ummu Safiyya: Malam Mai Kemis ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Janairu in sha Allah zan bi maigida Kuala Lumpur, yana digiri na uku a can. Ina shan magani sau biyu, 8 na safe da 8 na dare. Malesiya na gaba da mu da awa bakwai. Na lissafa, in na bar shi a agogon gida zai zama 3 na rana da 3 na dare a can. In kuma na bar wa alam, ranar tafiya tazarar za ta gajarce da awa bakwai. Wanne zan bi?

Mai Kemis: Lissafinki daidai ne Hajiya, kuma shi za ki kai wa likitan da ya rubuta miki, a takarda, da lokacin tashin jirgi da na sauka, tun da sauran makonni. Abin da aka saba yi da irin wannan shi ne ranar tafiya a bi tazarar awa 12 ba tare da kallon agogon kowa ba, bayan an sauka a riƙa matsar da lokacin kaɗan-kaɗan kullum har ya zo inda ake so. Amma nawa za a matsar, kuma gaba ko baya, ya danganta da maganin, ba zan yanke miki a nan ba.

Gimbiyar Zazzau: Ta ɓangaren waya kuma, ranar tafiya kada ki dogara da alam ko kaɗan. In kika yada zango a Doha ko Addis Ababa waya za ta kama agogon can, awa biyu gaba da gida, ta sake tsalle in kin isa. Ki yi amfani da Timer mai ƙirga awanni, ki sa 12 da kin haɗiye ƙwaya. Shi ba ruwansa da gari. Ko ki shigar da kowane shan na kwanakin nan ɗaya-ɗaya a kalanda da agogon Lagos, ba mai maimaituwa ba.

Ummu Safiyya: Allah ya saka. Zan je asibiti da takardata.

Ɗalibin Alkahira: Mu namu sauyin jibi ne, daren Alhamis wayewar Juma'a. Masar ta dawo da wannan tsarin a 2023, daga Juma'ar ƙarshe ta Afrilu zuwa Alhamis ɗin ƙarshe ta Oktoba. Yau muna gaba da Kano da awa biyu, ranar Juma'a ya koma ɗaya. Shekarar da aka dawo da shi masu tsofaffin wayoyin da ba a sabunta su sun sha fama, waya ba ta san an yi sabuwar doka ba.

Bakano a Houston: Mu kuma sai Lahadi mai zuwa, 2 ga Nuwamba. Muna da taron iyali ta bidiyo duk Asabar, ni, da yayana a Birmingham, da mutanen gida. Wannan satin tsakanina da Ingila awa biyar ne maimakon shida, sati mai zuwa ya koma shida, tsakanina da Kano kuma ya tashi daga shida zuwa bakwai. Duk shekara sai an yi rigima. Wa ya kamata ya riƙe agogon?

Gimbiyar Zazzau: Mutum ɗaya ya buɗe taron da agogon Lagos ya gayyaci sauran, kowa kalandarsa za ta juya masa. Tunda dattawa suna gida, su ne bai kamata lokacinsu ya yi yawo ba.

Bakano a Houston: Yayana zai ce shi ne ke fita aiki, nasa za a bi. Za mu gani.

Malam Na Bradford: Ba a yi maganar salla ba. Ɗan Fagge, kada ka kuskura ka sa wa salla alam mai tsayayyar awa kamar yadda muke yi a gida. A Kano Magariba duk shekara tana tsakanin shida da bakwai. A nan cikin Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, a Yuni kuma sai tara da rabi ta wuce. Salla ba agogon Legas take bi ba, ba na Landan ba, rana take bi a inda kake tsaye. Ka duba manhajar sallarka ko har yanzu Kano ce a ciki. Ko ka gyara garin ma, Asuba da Isha'i za ka ga sun saɓa da na masallacin unguwa, wani lokaci da nisa, don hanyoyin lissafin sun bambanta, kuma tsakiyar bazara a nan shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya. Ni jadawalin masallacinmu nake bi. Sannan ka kiyayi agogon bango da na gefen gado, su ba sa juya kansu. Ƙaramar Sallar bana, Lahadi 30 ga Maris, ta faɗo daidai ranar da aka tura agogo gaba. Na ga mutane sun iso da manyan riguna ana sallamewa.

Ɗan Maraɗi: Allah ya bar mu da agogonmu da ba ya motsi.

Ɗan Fagge: Na gyara lakcoci shida, na goge ta magani na sa alam ƙarfe 9, kiran Hajiya ya koma kalanda. Manhajar salla kuwa Malam ka canka, Kano ce a ciki, jadawalin masallaci nake bi shi ya sa ban lura ba. Saura wata manhajar jerin ayyuka da nake sa ranakun miƙa aikin makaranta. Ita wanne take bi, na alam ko na kalanda?

Gimbiyar Zazzau: Waɗannan kowacce da halinta, gwadawa za ka yi. Sa tunatarwar gwaji ta gobe ƙarfe 12 na rana. Kashe sauya gari na atomatik, ka zaɓi Dubai da hannu, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. In ta nuna 4 na yamma, ɗaure take da gari kamar kalanda. In tana nan a 12, bin ka take kamar alam. Kada ka manta ka mayar da na atomatik ɗin. In mai bin ka ce, lokacin miƙa aiki kada ya zauna a cikinta, don in ka je gida hutun Disamba, 12 na rana a Ingila ƙarfe 1 ne a Kano. Wannan da sauƙi, za ka miƙa da wuri ne. Mai karatu a Malesiya da ya zo hutu gida shi ne zai makara da awa bakwai.

Ɗan Fagge: Na gwada, tana nan a 12. Zan kwashe su zuwa kalanda. Tambaya ta ƙarshe Anti: muna da karatun Risala ta waya da malaminmu na Kano, shi kuma ba ya faɗin awa, cewa yake bayan Isha'i. Wannan fa?

Gimbiyar Zazzau: Wannan ya fi ƙarfin kalanda. Sa shi da agogon Lagos a awar da aka saba farawa yanzu, ka riƙa gyarawa duk wata, ko ku roƙi Malam ya tsayar da awa.

Malam Na Bradford: Ko ka ƙara Kano a matsayin gari na biyu a manhajar salla in tana yarda.

Baba Alhaji: Ku roƙi malami ya tsayar da awa? Ku dai ku zauna da waya a hannu, in ya shigo kwa ji sallamarsa.

Ɗan Fagge: Bakwai saura biyar a nan, kalanda ta buga. Bari in kira Hajiya kafin ta shiga ɗaki.